Yadda ake tsara lissafin shigo da kaya da fitar da su: kwantenar fanka daga Sin, kwantenar riɗi daga Dawanau

Tsakanin ranar da ɗan kasuwa ya biya kafin alƙalami a birnin Guangzhou na Sin da ranar da ya karɓi kuɗin katan na ƙarshe a Sabon Gari, watanni biyar zuwa shida ne ke wucewa. A cikin waɗannan watanni farashin dala yana motsi, kuɗin jirgi yana sauyawa, kwastam kuma tana iya canza abin da take karɓa, alhali farashin da zai sayar kasuwa ce ke yanke shi. Saboda haka tsarin da ya dace shi ne wanda ya rubuta kowane biya da ranarsa da irin kuɗin da za a yi shi da su, sannan ya nuna a wane farashin dala ribar za ta ƙare. Za mu bi wannan tsari mataki-mataki da misali guda: ɗan kasuwar Kano da zai shigo da fanka mai caji 1,200 domin lokacin zafi, kuma yana fitar da riɗi a kaka. Farashin kaya da na sufuri da ke cikin misalin ƙiyasi ne domin lissafi, kowa zai sa na ranarsa a gurbinsu, amma hanyar lissafin ba ta canzawa.

Mataki na farko: fara daga farashin kasuwa da kalanda

Kafin a tambayi masana'anta nawa ne, a fara sanin nawa 'yan sari za su saya a Kano, kuma a wane wata. Fanka mai caji tana tafiya daga Maris zuwa Mayu, idan ruwa ya sauka kuwa sai ta kwanta a sito. Mu ɗauka 'yan sari za su ɗauke ta a kan naira 62,000. Daga nan ake ƙirgawa da baya. Ana son kaya su kasance a Kano a farkon Maris. Fito a Legas da tafiyar tirela za su ci makonni uku idan takardu sun yi daidai, tafiyar jirgi daga kudancin Sin zuwa Legas takan kai makonni biyar zuwa bakwai, ƙera kayan kuma wata guda. Ke nan dole a ba da oda a tsakiyar Nuwamba, jirgi ya tashi kafin ƙarshen Disamba. Wanda ya yi jinkiri har Janairu zai yi karo da hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni, kuɗin jirgi kuma yakan hau gab da shi saboda kowa na rububin lodi.

A wannan mataki ne kuma ake gano lambar HS ta kayan, wato lambar da kwastam ta duniya ke rarraba kaya da ita, domin ita ce ke faɗin kuɗin fito, ita ce kuma ke nuna ko kayan suna cikin jerin waɗanda aka hana shigowa da su. Kayan lantarki suna buƙatar shaidar SONCAP daga hukumar kula da ingancin kaya, abinci da magani da sinadarai kuma na NAFDAC. Wanda ya bar binciken nan har kaya suka hau ruwa ya riga ya sa kansa a hannun wasu.

Mataki na biyu: sharaɗin farashi da kuɗin jirgi

Idan masana'anta ta ce dala 20 kowace fanka, tambaya ta gaba ita ce, dala 20 a ina? Amsar tana cikin haruffa uku da ake rubutawa a gaban farashi, daga ƙa'idojin Incoterms waɗanda aka sabunta a 2020. EXW na nufin a ƙofar masana'anta, ɗaukar kaya zuwa tashar jirgi da takardun fita daga Sin duk a wuyan mai saye. FOB na nufin mai sayarwa zai kai kaya har cikin jirgi a tashar da aka ambata. CFR ya ƙara kuɗin jirgi zuwa Legas, CIF kuma ya ƙara inshora a kan wannan. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a FOB da CFR da CIF baki ɗaya, haɗarin kaya yana komawa kan mai saye ne tun lokacin da aka ɗora su a jirgi a can, ko da mai sayarwa ne ya biya kuɗin jirgin. Idan ruwa ya shiga kwantena a tsakiyar teku, asarar ta mai saye ce. Dokar Najeriya kuma tana buƙatar a yi inshorar kayan shigowa da kamfanin cikin gida, shi ya sa aka fi buɗe takardu a kan CFR, a sayi inshora a nan da naira, yawanci a kan kashi 110 na darajar kaya da kuɗin jirgi. A nemi inshora mai faɗi, wadda ake kira rukunin A, domin rukunin C mai arha ba ya biyan sata ko jiƙewa ta yau da kullum.

Ra'ayina shi ne a karɓi farashin FOB daban, a kuma nemi kuɗin jirgi daga masu jigila biyu ko uku, ko da a ƙarshe za a bar wa mai sayarwa ya shirya jirgin. Ta haka ne ake gane ko ya ɓoye riba a cikin kuɗin jirgi, ta haka kuma ake samun damar neman ƙarin kwanakin kyauta na riƙe kwantena a Legas, abin da ake daidaitawa tun kafin lodi, ba bayan isowa ba.

Fanka kaya ce mai cin wuri ba mai nauyi ba, don haka doguwar kwantena mai ƙafa 40 ta dace da ita, wadda a aikace take ɗaukar kimanin mita kubik 68 na kaya. Idan kowane katan ya ci 0.055, katan 1,200 za su ci 66, sun shiga ke nan. Mu sa kuɗin jirgi dala 4,000, inshora kwatankwacin dala 200. Darajar FOB ta zama dala 24,000, ta CIF kuma 28,200. A tuna cewa farashin da mai jigila ya bayar yana da wa'adi, sau da yawa makonni biyu zuwa wata guda, kuma kaya masu batir wasu kamfanonin jirgi suna neman ƙarin takardu ko ƙarin kuɗi a kansu, don haka a faɗa masa irin batirin tun farko.

Mataki na uku: takardun banki da kuɗin fito

Kafin kaya su hau jirgi dole a buɗe Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, ta hannun banki, da takardar farashi ta farko daga mai sayarwa, da shaidar inshora, da shaidar ingancin kaya idan suna cikin waɗanda ake nema wa ita. Iri biyu ne: wanda banki zai sayar wa ɗan kasuwa dala a kansa, da wanda ɗan kasuwa zai nemo dalarsa da kansa. Bayan lodi, mai sayarwa zai aiko da takardar farashi ta ƙarshe, da jerin katan, da takardar lodin jirgi, da shaidar asalin kaya, banki ya tura su, kwastam ta fitar da PAAR, wato rahoton ƙiyasin da take yi kafin kaya su iso, wanda a kansa ake biyan fito. Sunan kaya da adadinsu da nauyinsu da lambar HS su zo iri ɗaya a duk takardun, domin bambancin kalma guda yana iya tsayar da PAAR na kwanaki, kwantena kuwa tana tara kuɗin jinkiri a tashar.

Kuɗin fito a Najeriya yana bin jadawalin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS da aka fara aiki da shi a 2015, mai rukuni biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35. Kayan masarufi da aka gama ƙerawa galibi suna rukunin kashi 20, shi za mu ɗauka a nan, da dala a kan naira 1,500. Darajar CIF ta zama naira 42,300,000, ta FOB kuma 36,000,000. Fito kashi 20 na CIF shi ne 8,460,000. A tsarin da aka daɗe ana bi, ana ɗora kashi 7 na fiton kansa, wato 592,200, da kashi 1 na FOB na duba kaya, wato 360,000, da rabin kashi ɗaya na CIF na ECOWAS, wato 211,500. Sannan a haɗa CIF da waɗannan duka, su ba da 51,923,700, a lissafa harajin VAT na kashi 7.5 a kan jimlar, wato kimanin 3,894,000. Abin da za a biya kwastam ya kama kusan naira miliyan 13.5.

A lura da abin da ya faru a nan. An ce fito kashi 20 ne, amma abin da ya fita daga aljihu ya kai kashi 32 na darajar kaya, saboda haraji yana hawa kan haraji. Wanda ya lissafa kashi 20 kawai ya yi kuskuren naira miliyan biyar tun a kan takarda. Ƙananan kuɗaɗen nan kuma ba tsayayyu ba ne. Dokar hukumar kwastam ta 2023 ta tanadi kashi 4 na FOB, kuma a 2025 an fara karɓarsa, an dakatar, an sake dawowa da shi, an yi ta taƙaddama. A misalinmu, kashi 4 a maimakon kashi 1 zai ƙara fiye da naira miliyan ɗaya. Don haka a sa ejan ya kawo takardar biyan fito ta wani kaya irin naka da aka fitar a makonnin nan, a gina lissafi a kan layukan da ke cikinta.

Akwai ejan da zai ce a ba shi kuɗi dunƙule, ƙasa da wannan lissafi sosai, shi ya san yadda zai yi. Yadda zai yi ɗin shi ne rage darajar kaya ko sauya lambar HS zuwa rukuni mai sauƙi. Alamarsa ita ce ba ya son nuna takardar ƙiyasi da rasit ɗin banki. Kwantenar tana iya fita daga tashar Apapa ta Legas lafiya, jami'an sintiri na kwastam su tare ta a hanyar Arewa, su nemi cikon fito da tara, kuma sunan mai kaya ne a takarda. Kuɗin fito a biya shi kai tsaye a banki, ladan ejan kuma a ware shi daban.

Ragowar kuɗin cikin gida sun haɗa da na kamfanin jirgi da na masu tashar, mu ce miliyan 1.8, ladan ejan 700,000, tirela zuwa Kano miliyan 3, shaidar SONCAP da cajin banki miliyan 1. A ƙara miliyan 1.5 na ko-ta-kwana saboda jinkiri, domin mita biyu ne ke gudu lokaci guda: masu tashar suna cajin ajiya kullum, kamfanin jirgi yana cajin riƙe kwantenarsa har ranar da aka mayar da ita babu kaya, kuma dukansu suna ƙaruwa yayin da kwanaki ke tsawaita. Ga mai kai kaya Kano, kwanakin tafiya da dawowar kwantena suna cikin ƙirgen, akwai kuma kuɗin ajiya na jingina da kamfanin jirgi ke riƙewa, wanda yakan daɗe kafin ya dawo. Tashar tsandauri ta Dala a Kano, da aka ƙaddamar a 2023, da ta Kaduna suna ba da damar yin fito a gida, sai dai dole a rubuta hakan a takardar lodi tun daga can, a kuma kwatanta kuɗi da kwanaki kafin a zaɓa.

Jimlar ta zama miliyan 42.3 da 13.5 da 8, wato naira miliyan 63.8. Idan aka cire kashi 2 na waɗanda za su iso a fashe ko batirinsu ya mutu, fanka 1,176 ce za ta sayu, kowace ta tsaya a kan kimanin naira 54,250. A farashin 62,000 za a tara miliyan 72.9, ribar ta zama miliyan 9.1.

Mataki na huɗu: gwada ribar da canjin dala

Wannan miliyan 9.1 ta dogara ne da cewa dala za ta zauna a 1,500 daga Nuwamba zuwa Maris, kuma tarihin kusa ya nuna cewa ba a gina tsari a kan haka. A watan Yunin 2023, da Babban Banki ya saki naira, farashin hukuma ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 kuma ya kai wajen 1,500. Farashin da kwastam ke lissafin fito da shi yana bin na hukuma, kuma a 2024 ya sauya sau da yawa, har mutum ya yi odar kaya a wani farashi ya biya fito a wani.

Hanyar gwajin ita ce a ware abin da aka riga aka biya daga abin da ke buɗe. A ranar oda an biya kashi 30 na FOB, dala 7,200, wannan ya rufu. Inshora da kuɗin cikin gida naira ne. Abin da ya rage a buɗe shi ne cikon kuɗin kaya dala 16,800 da kuɗin jirgi dala 4,000, jimla 20,800. Sai kuma kuɗin kwastam, wanda da naira ake biya amma da dala ake lissafa shi: miliyan 13.5 a kan 1,500 daidai yake da kimanin dala 9,000. Wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa. Ke nan abin da ke buɗe a gaskiya dala 29,800 ne, kuma duk naira ɗaya da dala ta ƙaru tana cin naira 29,800 daga riba. Idan dala ta hau da kashi 10 zuwa 1,650, asarar ta kai kusan miliyan 4.5, rabin ribar ke nan. Idan aka raba miliyan 9.1 da 29,800 za a samu 305, ma'ana a farashin 1,805 ribar ta ƙare ƙurmus. Wannan lamba ta 1,805 ita ce ya kamata a rubuta a saman takardar tsari, tare da wata lamba a ƙasa da ita, misali 1,600, wadda in dala ta taɓa ta za a sayi sauran dalar nan take ba tare da jiran ko za ta sauko ba.

Za a iya cewa ai in dala ta hau farashin fanka ma zai hau. Yana hawa, amma a makare, domin masu tsohon kaya suna ci gaba da sayarwa a tsohon farashi har nasu ya ƙare, aljihun mai saye kuma ba ya bin dala. Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen. Tsakanin Maris da Afrilun 2024 naira ta farfaɗo daga wajen 1,600 zuwa kusa da 1,100, kuma duk wanda ya biya kayansa a sama ya sami kansa yana gasa da wanda ya biya a ƙasa. Saboda haka sayen dala duka a rana ɗaya yana rufe ƙofa guda ne kawai. Ga ɗan kasuwa mai kwantena ɗaya, abin da ya fi dacewa a ganina shi ne ya sayi dalar cikon kuɗin kaya tun ranar oda ko a kashi biyu zuwa uku cikin watan ƙera kaya, ya ajiye a asusun dala, ya kuma ware kuɗin fito da ƙarin kashi 10 a kansa. Bankuna suna da yarjejeniyar kulle farashin dala zuwa wata rana mai zuwa, amma an fi samunta ga manyan kamfanoni, tana da tsada, kuma malamai da dama suna da magana a kan canjin kuɗi da ba hannu da hannu ba. Wanda ke neman jari ba tare da kuɗin ruwa ba yana iya duba murabaha a bankunan Musulunci, inda banki ke sayen kayan ya sayar masa da ribar da aka sani, sai dai ya sa wannan riba a cikin lissafin kuɗin kaya.

Abu na ƙarshe a nan shi ne bashi. Idan aka ba 'yan sari kaya bashin wata biyu a kan naira, an ƙara wata biyu a kan haɗarin, domin da kuɗin nan za a sayi dalar oda ta gaba. Riba ta gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an ware nairar da za ta sake sayen dala 28,200 da biyan fito a farashin ranar. Ga 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram lissafin ya ɗan bambanta, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka wanda ya samu a rubuta masa farashi da yuro ya kauce wa wannan haɗari, wanda aka rubuta wa da dala kuma motsin dala da yuro ne zai duba.

Mataki na biyar: sharaɗin biya

Kowane sharaɗin biya amsa ne ga tambaya guda, wato wa zai fara sakin abin da ke hannunsa. Da masana'antun Sin an fi yin kashi 30 kafin ƙera kaya, kashi 70 bayan an ga kwafin takardar lodi, sannan mai sayarwa ya saki takardun asali. Wannan ya fi a biya duka kafin lodi, domin cikon kuɗin shi ne kawai abin da mai saye ke riƙe da shi. A rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya ciko ba sai wakili ko kamfanin duba kaya ya buɗe katan ya gwada, kuma a fayyace ƙarfin batir da awannin da zai yi, saboda a nan ne ake rage inganci ba tare da ido ya gani ba. A kuma tambayi banki ƙa'idarsa kan biyan kafin alƙalami kafin a sa hannu. Kuɗi su tafi asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da ke kan takardar farashi. Idan saƙo ya zo ana cewa an sauya asusu, a kira mutumin da aka sani ta lambar da aka saba kafin a tura ko kwabo, domin wannan ita ce damfarar da ta fi yawa a harkar.

Idan kuɗin sun yi yawa ko ba a san mai sayarwa ba, ana amfani da wasiƙar lamunin banki, wadda 'yan kasuwa ke kira LC. Bankin mai saye yana alƙawarin biya muddin an kawo takardun da aka lissafa daidai, bisa ƙa'idojin UCP 600 da bankunan duniya ke bi a kan irin wannan wasiƙa. Banki takardu yake dubawa, ba kaya ba, don haka in ana son kariya daga kaya marasa kyau sai a sa shaidar duba kaya a cikin takardun da ake nema. Tana da caji, kuma banki yakan nemi a ajiye kuɗin ko jingina tun farko.

Mataki na shida: riɗi, da yadda yake rufe gibin dala

Ɗan kasuwarmu yana sayen riɗi a Dawanau da Maigatari daga Oktoba. Fitarwa tana buƙatar rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da buɗe takardar fitar da kaya ta NXP a banki, da biyan rabin kashi ɗaya na FOB na duba kaya, da shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona, da shaidar feshin ƙwari. Doka kuma ta ce kuɗin kayan da ba na mai ba su dawo asusun fitarwa cikin kwana 180 daga ranar takardar lodi. Wanda ya saɓa yana iya rasa damar buɗe wasu takardun a banki.

Riɗi kaya ne mai nauyi, ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin tan 19, buhu 380 masu kilo 50. Mu ɗauka mai saye a Turkiyya ya amince da dala 1,400 kowane tan FOB Legas, jimla 26,600, wato naira miliyan 39.9 a kan 1,500. Domin a sami tan 19 mai tsabta sai an sayi kimanin tan 19.6, saboda ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi da injin zai cire. A kan naira 1,650,000 kowane tan, wannan ya kama miliyan 32.3. Gyara da buhu da mota da takardu da kuɗin tashar su ci miliyan 4.2, jimla miliyan 36.5, riba miliyan 3.4. A nan haɗarin ya juya: idan dala ta faɗi zuwa wajen 1,372 ribar ta tafi. Akwai kuma tarko na biyu, cewa farashin riɗi a Dawanau yana bin dala cikin kwanaki kaɗan, don haka wanda ya sa hannu a kwangila kafin ya tara kaya zai iya ganin farashin saye ya haura abin da ya lissafa. Kada a yanke farashi da mai saye sai an mallaki mafi yawan kayan a sito.

Yanzu a haɗa biyun. Riɗi zai kawo dala 26,600, fanka tana neman dala 20,800, kuma ƙa'idojin Babban Banki sun yarda mai fitar da kaya ya yi amfani da kuɗinsa wajen biyan halastattun kayan shigowa ta hannun banki. Idan dala ta hau, abin da fanka ta ci riɗi ya mayar, idan ta faɗi kuma akasin haka, ba a kuma biya bambancin saye da sayarwa sau biyu ba. Abin da ya rage a buɗe shi ne dala 29,800 na fanka a cire 26,600 na riɗi, wato kimanin dala 3,200 kacal. Sharaɗin shi ne ranaku su haɗu: kuɗin riɗi su shigo kafin ƙarshen Disamba, lokacin biyan ciko.

Wannan ne ke yanke irin sharaɗin biyan da za a karɓa daga mai sayen riɗi. Wanda ya fi aminci shi ne LC mai biya da ganin takardu, kuma in bankin mai saye ba sananne ba ne a nemi wani banki ya ƙara tabbacinsa. Banki yana da kwana biyar na aiki ya duba takardu, kuma in wasiƙar ba ta faɗi wani wa'adi ba, dole a gabatar da su cikin kwana 21 daga lodi. A karanta wasiƙar ranar da ta iso, a nemi gyara kafin lodi idan ta ƙunshi abin da ba za a iya cikawa ba, kamar ranar lodi mai kusa ko shaidar da mai saye ne kaɗai zai iya sa wa hannu. Na biye da ita shi ne a karɓi kashi 20 ko 30 tun farko, sauran kuma takardu su bi ta banki, kada a miƙa su sai an biya. Rauninsa shi ne mai saye yana iya ƙin karɓar takardun idan farashin riɗi ya faɗi, ya bar kaya a tashar Mersin ta Turkiyya suna tara kuɗin jinkiri har mai kaya ya yarda da ragi, kuma kafin alƙalamin nan shi ne abin da ke hana shi yin haka. Miƙa takardu a kan alƙawarin biya bayan kwana 60 ko 90 bashi ne tsantsa, yana cin sulusi ko rabin kwana 180 ɗin, kuma a tsarinmu yana nufin kuɗin riɗi za su iso bayan an riga an nemi cikon fanka.

Yawancin rigimar riɗi a kan inganci take tashi, don haka kwangila ta faɗi tsabta, misali kashi 99, da iyakar danshi, da iyakar tsamin mai, ta kuma ce sakamakon kamfanin duba kaya a tashar lodi shi ne na ƙarshe a kan nauyi da inganci. Idan aka bar hukunci ga awon tashar sauka, mai saye ne zai riƙe ma'auni bayan kaya sun bar hannun mai su, kuma duk ragin da ya yanke daga cikin dala 26,600 ɗin nan zai fito.